Cokali Shida a Faranti

Shekarar da ciwon sukari ya buɗe wa Baba gyambo a ƙafa, ni na kai shi likita a Dungas. Majo, babban ma'aikacin jinyar da ya wanke gyambon, ya ce in sukarin jininsa bai sauka ba, ƙafar sai yanka. Ya ɗauko cokalin shayi ya nuna mini lissafi. Cokali ɗaya na sukari, a shafe, kalori goma sha shida ne. Shayin Baba cokali huɗu, madarar gwangwani mai zaƙi babban cokali guda ta ƙara kamar huɗu. Kwalbar lemo cokali tara. Kofin ruwan 'ya'yan itace na kwali biyar zuwa shida.

Na dawo gida na tsara. Da farko na ɗauke gwangwanin madara. Sannan na rage sukarin shayi har ya ƙare. Lemo kuwa na hana shi shigowa.

Saura 'yan dubiya. A wajenmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu biyu ba a riƙe da komai ba, kuma abin da aka kawo ba a mayarwa. Baba yana da amini a Guci, wani Alhaji, tare suka yi fataucin gyaɗa tun suna samari. Kowace ranar kasuwa babur ɗin kabu-kabu ke sauke shi ƙofar gidanmu da kwalin ruwan mangwaro. Shi zai zuba da hannunsa, Baba ya shanye don kada ya kunyata shi.

Na yi wa Alhaji magana a zaure cikin ladabi.

Ya ce, "'Yata, mangwaro ne fa. Yaushe mangwaro ya kashe Bahaushe?"

Mako na gaba da ya zuba, na shigo da faranti da cokali. Na auna sukari cokali shida a gabansu, ina ƙirgawa a fili.

Na ce, "Baba Alhaji, ga abin da ke cikin kofin nan."

Baba ya yi dariyar yaƙe. "Ka ga majon gidanmu. Ko ni tsoronta nake."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ce, "To ashe guba nake kawo wa ɗan'uwana." Ya rufe kwalin, ya sa cikin aljihun babbar rigarsa, ya yi sallama.

Bai zo ba kasuwar da ta biyo. Baba ya aika a gaya masa ya zo ko da hannu biyu. Alhaji ya aiko cewa yana gaishe shi, jiki ne ya yi nauyi.

Gyambon ya rufe bayan girbi, ba a yanke komai ba. Majon ya yaba mini.

Daga nan duk ranar kasuwa Baba yakan sa takalmansa duka biyu, ya sa a shimfiɗa tabarma a zaure. Ina kai masa shayi baƙi. In ya ji ƙarar babur sai ya ajiye kofin, har ta wuce.