Shanun Kaltuma da Injin Niƙa

A Gaya, in ka ji tsofaffin mata suna cewa wance tana da hannun Kaltuma, nufinsu ba ta sayen biri a sama. Kaltumar da suke faɗa ba wata hamshaƙiya ba ce. Mace ce gajera, mai sanyin magana, wadda ta tashi tana tallar busasshen kifi da albasa a bakin tasha. Tun tana budurwa aka santa da wata ɗabi'a mai ba 'yan kasuwa haushi: ba ta sarin buhu sai ta fara sayen tiya guda ta kasa, ta ga ko zai shiga. Dillalai suna ce mata mai tsoron kasuwa. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da kasa kifinta.

Mijinta Kabo matuƙin kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana jigilar gyaɗa zuwa Parakou. Shekara biyu bayan samun mulkin kai zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya, aka dawo da motar babu shi. Ya bar mata 'ya'ya uku da ɗan garken shanu a hannun wani Bafillace a wajen gari. Shanun nan su ne kaɗai abin da marayun suka gada, kuma Kaltuma tana ganinsu a matsayin amana.

A lokacin Gaya ta soma cika. Gada ta haɗa ta da Dahomey, motoci suna kwana a layi gaban duwan, wato ofishin kwastan, baƙi suna ta shigowa. Ƙanin mijinta, Alfari, mutum ne mai zafin nama da kyakkyawar zuciya, sai dai in abu ya shiga ransa ba ya jin kira. Wata rana ya dawo daga Parakou ko ruwa bai sha ba ya faɗo gidanta.

"Yaya, arziki ya zo har ƙohwa," in ji shi. "Na ga injin niƙa, na hannu ne, an ɗan yi aiki da shi, amma shina da lahiya. Duk garin ga babu ko guda. Ki saida shanun ga mu kawo shi, ni in tsaya a kai."

"Wa ya ce maka matan Gaya za su biya kuɗin niƙa?" ta tambaye shi.

"Na tambaya! Duk wadda na yi wa maganar sai ta ce Allah shi kawo."

"Ai ko jirgin sama ka ce za ka kawo, haka za su ce maka. Baki ba shi da haraji, Alfari."

Duk da haka maganar ta zauna mata. Ta san zafin taɓarya, ga kanta a tafin hannunta tun ƙuruciya. Ta kuma san cewa mai sayar da injin ba zai jira har abada ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ta sayar da gadon marayu a kan addu'ar mutane.

Da ta yi tambaya sai ta ji akwai inji a Kamba, can cikin Nijeriya, kuma kamiyo na zuwa ya dawo yini guda. Ta hau da kanta, ta zauna wajen mai injin har ya saba da ita. Ta tambaye shi abin da yake karɓa a kan tiya, da yawan hatsin da sai ya niƙa kafin ya fid da kuɗin man gazuwal da gyaran inji. Ya ce in ba a kawo buhu biyu a yini ba, gara kada a tayar. Ta riƙe wannan. Ta dawo ta ce wa Alfari za ta yi niƙa ba tare da inji ba: za ta karɓi hatsin mata da kuɗinsu da safe, ta kai Kamba, ta kawo musu gari da la'asar, a kan farashin da injinsu zai riƙa karɓa. Kuɗin mota asararta ce, ta yarda. In aka kai buhu biyu a yini, kuma aka ci gaba da kawowa, za ta kira dillalin shanu. In ba a kai ba, magana ta mutu. Sai da ta sa shi ya amsa da bakinsa kafin a fara, don ta san halin mutum in ya ƙwallafa rai, ko me ya gani sai ya ce alama ce mai kyau.

Ranar farko zaurenta ya cika da ƙorai. Makon farko kullum sai an wuce buhu biyu, kowa ya biya babu ko tayi. Alfari har ya fara auna inda za a kafa rumfar inji. Ita kanta Kaltuma ta ji daɗi, don ta daɗe ba ta ga abu ya tafi mata daidai ba.

Amma da hantsi, in ta fito, sai ta ji unguwa na amsawa da luguden taɓarya kamar kullum. In an niƙa wa mutane gari, dakan mene ne kuma? Ta shiga gidan maƙwabciyarta Saratu neman aron rariya, sai ta tarar da ita tana daka, ga kuma garin da aka niƙo a Kamba an jiƙa shi a kwano an aje wa rago.

Saratu ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Kaltuma, kada ki ji haushi. Maigida ya ce warin gazuwal shika ji a tuwon."

"To, mi ya sa kike ta kawowa?"

"Haba, ke da marayu? Ki fara sana'a mu zura miki ido? Ai ko ba mu ci ba mun yi kara."

Kaltuma ta koma gida ta zauna a bakin gado, ta yi kuka. Ta ji kunya, ta ji kuma son mutanen nan ya cika mata zuciya. Ta bi ƙoran ɗaya bayan ɗaya a ranta: wannan ta gwaggon Kabo ce, wannan ta ƙawarta, wannan ta wadda suka yi zaman makoki tare. Babu baƙuwa ko guda. Ashe tausayi ta auna, tana zaton kasuwa ce. Kara tana iya ɗaukar mako, tana iya ɗaukar wata, amma ba za ta sayi gazuwal shekara da shekaru ba.

Ta bi gida gida ta yi godiya, ta ce ta daina. Sannan ta nemi wata Badendiya mai suna Bibata, mai sayar da itace a can ƙarshen gari wajen tasha, inda ba a san Kaltuma da niƙa ba. Ta roƙe ta ta riƙa karɓar hatsi da sunan ita Bibatar, kuɗi hannu, babu bashi, babu ragi, kada kuma ta ambaci marayu. Abu biyu ta ce ta lura mata da su: wa ya dawo karo na biyu, kuma wadda ba ta dawo ba, me ya hana ta.

Kwanakin farko an kawo da dama, don sabon abu ba ya rasa 'yan kallo. Daga nan sai aka fara janyewa. Matan aure masu gero suka ce maigida ba ya ba da kuɗin abin da turmi ke yi kyauta, kuma furar garin inji ba ta kai ta daka ba. Waɗanda suka riƙe su ne masu tuwon sayarwa a tasha, waɗanda ke ciyar da matuƙa motoci. Su masara suke kawowa, mai wuyar daka, kuma lokacinsu kuɗi ne. Ba su taɓa fashi ba, amma duka hatsinsu bai cika rabin buhu a yini ba.

Alfari ya ce in inji na kusa ai za a fi haka, jira ne ke korar mutane. Maganarsa ba ta banza ba ce, Kaltuma ma ta yi wannan tunani. Ta ce masa Bibata ta tambayi duk wadda ta janye, babu wadda ta yi kukan jira, kuɗi da wari suka ambata. Ko an ninka abin da ake kawowa, ba a kai buhu biyu ba.

"Mun yi alkawali," ta ce. "Ba ni saida shanun ga."

"Tsoro ne kawai irin naki na mata," in ji shi, ya buga ƙafa ya fita.

Ya daina shiga gidanta. Ya jinginar da gonarsa ta fadama, ya kawo injin shi kaɗai. Ranar da aka tayar da shi gari ya taru, dangi suka yi layi da ƙorai, aka yi ta sa albarka. Ita ma ta je ta yi masa murna, bai ko dube ta ba. Kafin damina ta kama, layin ya watse. Injin ya koma yini shiru, Alfari na zaune a gindinsa yana korar ƙuda.

Kaltuma kuwa ba ta bar matanta na tasha ba. Ta ci gaba da haɗa masararsu tana kaiwa Kamba kwana biyu a mako, ta ɗan ƙara musu kuɗin mota suka yarda, kuma da tasha ta ƙara cika sai suka ƙaru. Wani zai ce ta rama abin da aka yi mata, ta bar shi da injinsa. Ba haka aka yi ta ba.

Wata safiya ta sa aka ɗora buhunan masara a amalanke, ta bi bayansu har rumfar Alfari. Ya miƙe, duk ya rame, ya kasa haɗa ido da ita.

"Kada ka tada shi kullum," ta ce. "Talata da Jumma'a kawai, sa'ad da hatsi ya taru ya kai a ƙona mai. Waɗanga mata ba su san ka ba, ba su jin kunyarka. In ka ɓata musu gari za su gudu, in ka gyara za su biya."

Ya tayar da injin. Da aka gama ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa kuɗin niƙa. Ya ja da baya.

"Haba Yaya, in karɓi kuɗinki? Bayan abin da na hwaɗa miki?"

"Karɓi," ta ce. "Ba nawa ba ne, na masu tuwo ne. Kuma ko nawa ne sai ka karɓa. Da shi za ka hwanshi gonarka."

Ya karɓa, ya juya baya yana share ido da hannun riga. Sai da ya yi shekara uku kafin ya fanshi fadamar. A ranar ya zo ya ce ta raka shi ruga. Suka tarar garken ya ƙaru, 'yan maruƙa suna tsalle a bakin shinge. Alfari ya tsaya yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Da yanzu ƙarhe ne duk, Yaya, shina tsatsa a rumhwata."