Arahar Nahum

Nahum ɗan Kafanchan ne, ɗakinmu ɗaya a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, Malaysia, shekara uku, kuma ban taɓa ganin mai son araha irinsa ba. Ko tapau zai yi, wato sayo abinci a ƙunshi, sai ya zaga kedai uku, shago bayan shago.

Da ya fara cacar ƙwallo a intanet, Bitcoin yake turawa. Wata rana kafin shafin ya tabbatar kuɗin sun shiga, farashi ya faɗi, ringgit talatin suka narke. Sai ya koma USDT, mai bin darajar dala.

Ranar Asabar muna mamak, gidan shayi da abinci, da rana, ya tura na ringgit dubu biyu. Shafin ya ce a bi hanyar Ethereum, shi kuwa ya zaɓi wata hanyar mai arahar caji, tunda ita ma ta karɓi adireshin shafin.

Minti arba'in kuɗin ba su shiga ba. Shayinsa ya huce.

Ya ce, "Su dawo mini da su mana!"

Na ce, "Wa zai dawo da su? Banki ne?"

Da ya tuntuɓi masu shafin, suka amsa cewa ba sa karɓa ta wannan hanyar, ba kuma za su nemo masa ba.

Ringgit takwas na caji ya so ya rage. Ko wasan ba a fara ba.