Awa Takwas na Malam Alhassan

Shekara goma sha bakwai Malam Alhassan yana tankifa a maɗaba'ar da nake aiki kusa da Unguwar Sarki. Shi ke rubuta lokacin shigar kowa da fitarsa. Ba ma son sa, gaskiya. Ka makara da minti biyar, zai gaishe ka, ya tambayi iyali, sannan ya rubuta minti biyar ɗin. Kullum da kekensa yake zuwa daga Unguwar Kanawa, bai taɓa makara ba balle mu rama.

A 1975 hutun ɗaya ga Oktoba ya faɗo ranar Laraba, ana cikin azumi. Aiki ya yi mana yawa, sai da muka yi awa goma-goma Litinin, Talata, Alhamis da Juma'a, baki a bushe, ƙafa a kumbure. Yarjejeniyarmu kuwa ta ce awa arba'in ne mako, abin da ya haura obataim ne, a biya ɗaya da rabi, ranar hutun gwamnati kuma a ƙidaya ta awa takwas cikin arba'in ɗin.

Manajanmu Bello ya kira Malam Alhassan ofis, ƙofa a buɗe muna ji.

"Malam, goma sau huɗu arba'in. Ina obataim a nan? Ku biya Larabar kuɗin awa na kullum, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, Laraba tana cikin arba'in. Saura talatin da biyu ke kansu, sun yi arba'in. Takwas ta haura."

"Na hana su kuɗin takwas ɗin ne?"

"A kwabo arba'in ka sa, ranka ya daɗe. Sittin ne. Ƙarin naira ɗaya da kwabo sittin ke nan na kowa, mutum ashirin."

"Sa hannu a takardar lissafina. Ko ka gaji da kujerar ne?"

Malam ya gaji ɗin, kowa na gani. Ga 'ya'ya bakwai, ga Salla saura kwana kaɗan. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "A yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba."

Bello ya san in maganar ta kai ofishin leba ba shi da ta cewa, don haka aka biya mu cif. Bayan Salla sai aka ce idon Malam ya yi rauni, aka ba shi albashin wata guda, aka sallame shi.

Mu ashirin ne, babu wanda ya ce uffan. Har yau abin yana ci mini rai. Ranar da ya tura kekensa ya fita, na sunkuyar da kai kan inji kamar wani abu ya lalace. Ya tsaya a kaina ya ce, "Sambo, a yafe mu," ni kuwa hular da na saya da kuɗin obataim ɗin tana kaina.