Da Sauƙin da Aka Rubuta Mini

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni a asibiti, nesa da ƙauyenmu na wajen Baure, na ga yadda nas-nas suke miƙa wa juna aiki. Takarda ce mai gida huɗu. Nas ta safe ta tsaya a kaina tana karanta wa ta yamma: ga halin da nake ciki, ga tarihin ciwon sukarina, ga abin da ta lura da shi, wai na ce da sauƙi. A gidan ƙarshe, na shawara, ta rubuta cewa likita ya duba yiwuwar sallama.

Ni kuwa ƙafata wuta take ci. Na riƙe gefen hijabin nas ɗin safen.

"'Yar nan, ba inda za ni."

"Iya, ke kika ce da sauƙi."

"To me zan ce? In kai ƙarar Ubangijina wurinki? Gaisuwa kika yi, na amsa. Buɗe ƙafar ki tambaye ta."

Suka kwance bandeji, suka auna zafin jikina. Ta gyara gida biyu na ƙarshe, ta rubuta a kira likita yanzu.

Da likitan ya zo ya ce yaya jiki, na dube shi, na ce da sauƙi.