Kashen Mushe Baƙo

Mushe Baƙo ya tsufa da alli a hannu kafin a ba shi darakta a wani kolejin ƙauye can yankin Dungas. Ba ɓarawo ba ne, ba malalaci ba, amma Allah ya zuba masa riƙo. Kashen lakwal kuwa, wato hatimin makarantar, a aljihun rigarsa yake kwana, kuma ba ya fitowa sai an durƙusa.

Madam Zulaiha mai koyar da lissafi ba ta iya durƙuso ba. Tun ranar da ta katse shi a taron malamai, ta ce ba daidai ba ne a kori yara su tafi yi masa roron wake, ya ƙulle ta a ciki.

Sai ga bursu ta fito, wato tallafin ƙaro karatu a ƙasar waje. Zulaiha ta haɗa dosiye, takardun nema ke nan, tsaf, saura takardar shaida daga shugabanta, mai bayyana aikinta da halinta, da sa hannunsa da kashe. In babu ita, ba a ko duba sauran.

"Mushe Darakta, ana gab da rufewa," in ji ta.

"Ki rubuto da kanki, Madam, in duba."

Haka ya saba yi wa kowa, sai dai na kowa ba ya karantawa. Nata kuwa ya bi da jan biro kamar jarrabawar ɗalibi. Ta gyara, ya ce yabon ya yi yawa. Ta rage, ya hau babur ya tafi Magariya.

Kowa ya san abin da yake jira: ta turo dattijo ya taka har gida ya ba shi haƙuri. Mijinta Hamisu ya ce zai kai kawunsa. Ta ce wallahi ba tsohon da zai cire takalmi a ƙofar Baƙo saboda haƙƙinta.

Baƙo ma ya kafe. Sai da aka rufe karɓa ya buga kashe, ya miƙa mata a gaban malamai yana murmushi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Daga ranar Zulaiha ta koma aiki da ƙararrawa. Darasin yamma da take yi wa 'yan ajin ƙarshe kyauta, wanda da shi suke haye jarrabawar birbe, ta daina. A ajin nan akwai Kausar, autar Baƙo, wadda lissafi ke kayarwa.

Da jarrabawa ta matso, sai ga limamin unguwa ya yi sallama gidan Hamisu, Baƙo na raɓe a bayansa. Zulaiha ta leƙo, ta gaida liman, ta saurari roƙon har ƙarshe.

"Ba komai, Mushe Darakta," in ji ta. "Ka rubuto, in duba."