Kwalbatin da Ya Jira Sa Hannu

Har yau idan na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, gabana ne ke faɗuwa. Mutane na murna, ni kuwa sai na tuna wani kwalbati a bayan Gwandu, da wata wasiƙa da na rubuta a kansa. Na gaji da labarin nan kamar yadda na gaji da aikin, amma ya ƙi barina.

Lokacin ba a yanke mana jiha ba, komai sai an je Sakkwato. Ina injiniyan fili a kamfanin wani Alhaji ɗan kwangila mai ofis a Kalgo. Aikin da aka ba mu shi ne mu gina kwalbati a kan wata ƙorama da ta raba wani ƙauye da hanyar Masama. Da rani ƙoramar yashi ce zalla, jaki ma ba ya ɗaga kai idan zai ƙetare. Da damina kuwa sai ta cika ta batse. Akwai wata tsohuwar mahaya ta bututu da mutanen ke lallaɓawa a kai, ita muka fara rushewa domin sabon ya zauna a gurbinta. Muka yi musu hanyar ratse ta cikin yashi, muka ce su yi haƙuri, kafin ruwa ya sauka sun samu abin da jikokinsu za su taka.

Ni na faɗi wannan magana da bakina a ƙofar gidan mai garin. Dattijo ne mai ɗan gemu, ba ya son dogon zance. Ya ce, "Injiniya, waccan da kuka kashe mummuna ta, amma ita muka sani. Ka dai riƙe alkawali." Na ce in Allah ya yarda. Tun daga ranar kullum sai ya aiko mana da ƙwaryar fura a wurin aiki.

Aiki ya tafi lafiya. Mun zuba gindi, mun tayar da bango biyu, kafintoci sun shimfiɗa katakon rufin sun tokare shi daga ƙasa, an ɗaure rodi tsaf. Saura zuba kankaren sama, wanda motoci za su bi ta kai. A daidai nan ne kundin ƙa'idojin aikin ya iso hannuna. Tun farko zane kawai aka ba ni. Kundin yana kulle a durowar Alhaji tare da takardun kwangila, kamar wani gadon gida, sai da na yi ta naci kafin ya saki.

Ina zaune a inuwar wani marke ina dubawa, sai na ci karo da abin da ya hana ni shan furar ranar. Zane ya ce a sa rodi mai santsi a rufin, shi muka saya, shi muka ɗaure. Kundi kuma ya ce duk ginin da mota za ta hau, da rodi mai gurzau, wato mai kaushin jiki, za a yi shi. Wanda ba ya sana'ar zai ce rodi ai rodi ne. Ina! Mai gurzau ya kusa ninka mai santsi ƙarfi. Idan wanda ya yi lissafin rufin da mai gurzau ya yi, mai zane ya yi kuskuren harafin da ke nuna irin rodin, to ranar da babbar mota ta hau da lodin gero sai dai a yi salati. Idan kuma da mai santsi ya yi lissafin, to aikinmu daidai yake. Na gwada nawa lissafin a bayan takarda, ya tsaya a tsaka-tsaki, domin ban san nauyin da suka ɗauka ba. Kwangilar kuwa ta faɗa ƙarara: idan takardu suka saɓa, kamfanin da ya yi zanen kuma yake duba aikin, wato kwansaltan, shi zai raba gardama, kuma a rubuce.

Na hau babur na nufi Kalgo. Alhaji ya saurare ni yana jan carbi. Na ce mafi sauƙi mu sayo mai gurzau mu sake ɗauri, kowa ya huta. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"In zubar da rodin da an ka yanke an ka lanƙwasa? Wa za shi ɗauki asarar, kai? Zane yac ce mai santsi, mai santsi mun ka sa. Kai dai boko ya yi maka yawa."

"Alhaji, in ya rufta da mutane, sunana za a fara kira."

"To ka samo takarda. In sun rubuta a canza, sai a canza."

Nan a ofishin na zauna gaban tafireta na buga wasiƙar, da takardar kabon a ƙasa. Ba ta cika shafi ba. Na kawo lambar zanen da abin da ya ce, na kawo lambar sashen kundin da abin da ya ce, na tambaya wanne za mu bi. Na ƙara da cewa an ɗaure rodi, an tsayar da zubi sai amsarsu ta zo, tsohuwar mahaya kuma babu ita, ga damina ta ƙarato. Ban yi ado ba, ban yi fushi ba. Wallahi ko ɗan firamare aka karanta wa zai gane tambayar.

Kwansaltan suna da wakili a Kalgo, wani mai fara'a da ke lura da ayyukansu na yankin. Ya karanta, ya yi dariya, ya dafa kafaɗata.

"Haba abokina, a kan wannan ka sha rana? Je ka zuba kankarenka. Kwalbati nawa aka yi da mai santsi a ƙasar nan?"

Na ce madalla, na miƙa masa littafin umarni na wurin aiki, na ce ya rubuta haka ya sa hannu. Sai fara'ar ta ragu. Ya mayar da bironsa aljihu a hankali, ya ce shi ba shi ya yi lissafin ba, hurumin ofishin Sakkwato ne. Ya buga mini hatimin karɓa a kwafina, ya ce zai aika. Ka ji fa. Da baki kowa jarumi ne, a zo sa hannu sai ka ga ana neman ƙofa.

Daga nan na zama ɗan hanya. Gwandu zuwa Kalgo, Kalgo zuwa Gwandu, har masu shayin bakin tasha suka san ni, suna ce mini ango mai zuwa zance. Yau a ce direban da aka ba wasiƙar bai dawo ba. Gobe a ce ta isa, amma injiniyan da ya yi lissafin ya tafi wani aiki Kaduna. Na buga wasiƙar tunatarwa, na buga wata. Na je Sakkwato da kaina, na wuni a benci, wani akawu ya ce mini fayil yana teburin oga, oga kuma yana taro. Na dawo da ciwon baya da jajayen idanu. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

A wurin aiki leburori suka watse, kowa ya tafi sharar gona. Katako ya fara banƙarewa a rana, rodi ya yi ja. Iska ta juya, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Ko a ranar aka ce mu zuba, sai kankare ya yi makonni yana shan ruwa kafin a cire tokara a bar mota ta hau, kuma ina ganin makonnin nan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Mai gari ya zo da kansa wata safiya, yana dogara sanda. Ya leƙa rodin, ya dubi sama.

"Injiniya, mi ya hana? Ga siminti, ga tsakuwa, ga ƙarhe."

Na yi masa bayani iya iyawata. Ya ce, "Wanga ƙarhe da kun ka ɗaure, shina ɗaukar jaki?" Na ce har raƙumi. "Shina ɗaukar mace mai naƙuda a amalanke?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To mu abin da muka da shi ke nan." Na ce masa hanya in ta yi kyau manyan motoci za su biyo, kuma ba ni da ikon zubawa. Ya juya ya tafi. Furar ba ta daina zuwa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ruwan ya zo ranar wata kasuwar Gwandu, da la'asar. Ba a kanmu ya fi zuba ba, can sama ya yi aikinsa, sai ƙoramar ta taho ja wur, ɗauke da kara da itace. Hanyar ratse ta tafi a tashin farko. Tarkacen ya taru a jikin tokaran da ke ƙarƙashin katako, ya toshe, ruwa ya yi ta turawa har suka sunkuya. Ina tsaye ina kallo katakon ya karye, rodin da muka ɗaure ya lotsa ciki kamar tsohuwar tabarma. 'Yan kasuwa suka dawo suka tarar ba hanya. Suka tsaya a wannan gaɓa da jakunansu, iyalansu a waccan, ana ɗaga murya ana tambayar lafiya. A ƙauyukan wannan ƙetaren suka kwana.

Haka ƙauyen ya ci daminar nan. In ruwa ya janye a ƙetare da ƙafa, kaya a ka. In ya cika a zauna. Taki bai shiga a kan lokaci ba, mara lafiya sai a ɗauko shi a kafaɗa a zagaya ta nesa. Ba wanda ya tare ni da mummunar magana. Sun dai daina ce mini injiniya, sai "mai takarda".

Amsar ta iso ana tsakiyar noman farko. Wakilin ne ya kawo ta da kansa, yana murmushi kamar ya zo da goron biki. Layi biyu ce. Ta ce an yi lissafin rufin da rodi mai santsi, sashen kundin na gama-gari ne da aka kwaso daga wani aikin gada, a bi zane, a ci gaba. Ga sa hannu, ga hatimi.

An sha tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba. Ko gobe aka maimaita, wasiƙar zan rubuta, domin ba a gina abin da mutane za su hau a kan "wataƙila". Amma sanin ka yi daidai ba ya sa ka ji daɗi, wannan na koya a bakin ƙoramar nan.

Na ga ya kamata mai gari ya ji. Na naɗe wando na shiga ruwa har ƙugu, takardar a cikin hulata. Na same shi a zaure, na fassara masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Ashe ƙarhen na da kyau tun farko?"

"Yana da kyau, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai. Ya sa aka kawo mini fura, ya jira har na sha. Sannan ya nuna hanyar ƙorama da sandarsa.

"In za ka koma, ɗana, ka tsaya ka karanta ma ruwan. Mu mun ji."

Na ninke takardar na mayar cikin hula, na sake naɗe wandona.