Inuwar Harafi a Robar Hajiya

Har yau ba na iya buɗe firjin shago in ɗauki robar fura ban juya ta na duba inuwar rubutun ba. Jikokina suna zaton farashi nake nema. Aibu nake nema, kuma ban taɓa samu ba.

Ni da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wajen maigida ɗaya muka koyi rubutun allon shago da buroshi. Hannuna ya fi nasa, kowa a Ƙofar Wambai ya sani. Da kwamfuta ta zo muka koya da girmanmu, kowa ya buɗe shagonsa, muna kallon juna.

Akwai wata Hajiya Bafulatana a Ɗan Iya mai haɗa kindirmo a roba, ni nake buga mata takardar da ake mannawa a jiki. Wanda ya zana takardar ya daɗe da barin gari, hoto kawai ya bar mata, wanda rubutu da inuwa da bango duk sun haɗe sun zama abu ɗaya. Sunan gidanta na sama, “Kindirmo” na ƙasa, haruffan farare da layi shuɗi a gefe, da inuwa, da wani haske da ya kewaye su. Ran nan ta zo tana son a cire “Kindirmo” a sa “Fura da Nono”.

“Malam, kada ya bambanta ko kaɗan,” in ji ta. “Masu shago da ido suke sanin kayana. Suka ga canji, jabu za su ce.”

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na goge tsohuwar kalmar, na rubuta sabuwa, na sa mata layi da inuwa da haske yadda na'ura ta ba ni. Aka buga kaɗan na gwaji. Washegari ta dawo da robobin a leda, mai shago ya ƙi karɓa. Ta ajiye su a teburina, ta ɗauki ɗaya ta tsallaka titi zuwa shagon taubashina. Ni ma na bi ta, wai caja zan ara.

Taubashina ya ɗaga robar ya tuntsire da dariya.

“Kai tsoho, rana biyu ce a garinku? Inuwar sama ta faɗi hagu, taka ta faɗi dama. Ga kuma fatalwar kindirmo ka bari a baya.”

Gaskiya ne. Haruffa na goge, na bar hasken da ya bazu nesa da su, sai wurin ya yi dabbare kamar an cire hoto daga bango.

“Bawa ba ya yi wa ubangidansa dariya,” na ce. Na ja kujera.

Abin da ya yi shi ya ƙona min rai. Ya buɗe hoton asali, bai goge komai ba. Ya nemo irin harafin, ya sake rubuta “Kindirmo” ɗin dai a kan tsohuwar.

“Fura ta ce maka, kurma.”

“Sha kindirmonka, mu yi aiki.”

Ya ƙara girman hoton, ya auna daga kusurwar harafi zuwa kusurwar inuwarsa, ya gane inda ta nufa da nisanta. Ya duba faɗin inda bakinta ke dushewa, ya daidaita laushinta. Ashe ba baƙa ba ce ma, shuɗi ce mai duhu, daga jikin hoton ya ɗebo launin. Layin gefen kuwa a wajen harafi yake, ni a ciki na sa, shi ya sa nawa suka rame. Haske ya bari ƙarshe. Yana kashe tasa kalmar yana kunnawa, har ya zama ba abin da ke motsi a idonka. Sannan ya share tsohuwar har da haskenta, ya gyara bangon, ya canza haruffan zuwa “Fura da Nono”, inuwa da layi da haske suka bi su. Ya ɗan dusashe kaifin bakinsu don kada su fi sunan sama sabunta.

Maigidanmu haka yake sa mu, mu bi kan tsohon rubutu da buroshi kafin mu taɓa sabon allo. Ni ne nake fara gamawa. Ni na manta, wannan mai karkataccen hannun ya tuna.

Hajiya ta jera sabuwar takarda da tsohuwa, ta duba, ta ce, “Barkalla. Daga yau nan zan riƙa zuwa.” Ta juyo. “Malam, ba ka yi fushi ba ko?”

“Haba Hajiya, ai duk gida ne.”

Cajar ma ban ɗauka ba. Na koma shagona na zauna ina kallon ta tana zuba masa fura a kofi.

Ya ce in dawo ya sake nuna min a hankali, ban je ba, da na je da na huta. A ɓoye na koya, kuma na iya. Amma Hajiya ba ta sake tsallakowa ba. Jiya ma na sayi roba ɗaya, na kai ta bakin ƙofa wajen haske na juya. Inuwar tana hagu.